Yadda Waya Za Ta Sanar da Gida Cewa Ka Isa Wurin Aiki

"In ka isa ka sanar da mu." Duk mai fita aiki da sassafe ya san wannan magana, kuma ya san yadda ake mantawa da ita da zarar an shiga gaishe-gaishe da abokan aiki. Wayar da ke aljihunka na iya ɗauke maka wannan nauyi, ta aika saƙon da kanta. Amma kafin ka damƙa mata amanar, ka san cewa waya ba ta san mene ne "wurin aiki" ba. Iyakar abin da ta sani shi ne ka shiga wani da'ira da ka zana mata a taswira. Yawancin matsalolin wannan tsari daga nan suke tasowa.

Masu iPhone suna da manhajar Shortcuts. Asalinta wata manhaja ce mai suna Workflow da kamfanin Apple ya saya a 2017. A cikinta za ka shiga Automation, ka zaɓi Arrive, ka nuna wurin, sannan ka ɗora Send Message. A da sai wayar ta tambaye ka kafin ta aika, amma daga iOS 17 da ya fito a 2023 akwai zaɓin Run Immediately, wato ta aika ba tare da jiran izininka ba. Sai dai mafi yawanmu Android muke riƙewa, su Tecno da Infinix da itel da Samsung, don haka misalinmu zai tsaya a kan MacroDroid, wadda ake saukewa daga Play Store kuma ta fi Tasker sauƙin koyo.

Duk aikin da za ka haɗa a MacroDroid kashi uku gare shi. Triggers shi ne abin da zai tayar da aikin, Actions shi ne aikin kansa, Constraints kuma sharuɗɗan da sai sun cika kafin a yi shi.

Mu ɗauka mutum yana zaune a Hotoro a Kano, yana aiki a wata masana'anta a Bompai daga Litinin zuwa Juma'a, kuma mahaifiyarsa ba ta samun natsuwa sai ta ji ya isa. Zai danna Add Macro, a ƙarƙashin Triggers ya nemi Geofence, ya kafa alama a kan masana'antar, ya zaɓi a tayar da aikin idan an shiga yankin, ba idan an fita ba. A Actions zai zaɓi Send SMS, ya sa lambar Hajiya da kalmomin saƙon. In wayar mai layi biyu ce, ya duba wane layi ne zai aika, domin saƙon tes kuɗin kati yake ci, kuma layin da babu ko sisi a cikinsa ba zai aika komai ba. Tes ya fi WhatsApp dacewa a nan: yana tafiya ko babu data, yana isa ko wayar Hajiya ƙarama ce, kuma WhatsApp ba ya sakin jiki wata manhaja ta aika saƙo a madadinka cikin sauƙi.

Faɗin da'irar ne ke buƙatar tunani. Mutum zai ga kamar ya matse shi zuwa mita 30 don ya dace da ƙofar ofis daidai. Wannan kuskure ne. Don kada ta cinye batir, waya ba ta barin GPS a kunne kullum. Sau da yawa da turakun sadarwa da Wi-Fi na kusa take kintatar inda take, kuma kintacen kan kauce da mita masu yawa. Shi ya sa Google ke ba masu ƙera manhajoji shawarar kada nisan tsakiyar da'ira zuwa bakinsa ya gaza mita 100 zuwa 150. In ya yi ƙanƙanta, za ka shiga ka zauna wayar ba ta lura ba. In kuma ya kai rabin kilomita, Hajiya za ta ga "na isa" alhali kana cikin adaidaita-sahu a cunkoso. Fara da mita 150, ka lura da shi na mako guda, sannan ka gyara. Jinkirin minti biyu ko uku kafin saƙon ya fita ba matsala ba ce, haka tsarin yake.

Sharuɗɗan su ne mutane suka fi tsallakewa, su ne kuma ke raba aiki mai kyau da abin kunya. In babu su, ranar Asabar ka bi ta Bompai za ka ɗaurin aure, saƙo zai tafi cewa kana wurin aiki. Ka fita sallar Azahar ko cin abinci ka dawo, wani ya sake tafiya. Maganin shi ne ka sa sharaɗin ranakun mako, Litinin zuwa Juma'a, da na lokaci, misali daga 7:00 zuwa 9:30 na safe. Akwai kuma sharaɗin da ke hana aikin maimaituwa in bai daɗe da gudana ba. Sa shi awa 12. Wannan na ƙarshe yana da amfani ga wanda teburinsa ke kusa da bakin da'irar, domin kintacen waya na iya fitar da shi ya mayar da shi sau da yawa yana zaune bai motsa ba.

Wasu sun fi son Wi-Fi na ofis ya zama abin tayarwa, tunda ba ka haɗuwa da shi sai ka shiga ginin. Ya fi da'ira daidaito, amma ranar da aka ɗauke wuta kuma ba a tayar da janareta ba, babu saƙo.

To, ka haɗa komai, ka gwada ya yi, bayan kwana biyu sai shiru. Kusan kullum ɗayan abu biyu ne. Na farko izinin wuri. Tun daga Android 10, waya na bambanta manhajar da ke ganin inda kake lokacin da ka buɗe ta kawai, da wadda ke gani a kowane lokaci. MacroDroid na buƙatar Allow all the time, kuma Location ya kasance a kunne. Na biyu tanadin batir. Wayoyi da yawa suna kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye, haka ma manhajojin share waya da mutane ke yawan dannawa. Shiga saitin batir ka cire MacroDroid daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, ka kuma ba ta damar tashi da kanta in an kunna waya. Don gane wanne ne, buɗe System Log a cikin manhajar. In babu alamar aikin ya tashi da safen, matsalar izini ce ko batir, ko kuwa wani sharaɗi ne ya hana. In ya tashi amma saƙo bai isa ba, duba kati da layi.

Sai kalmomin saƙon. Ni ba na goyon bayan a rubuta "Na isa lafiya." Waya ba ta san lafiyarka ba, kuma ko a hannun wani take, in ta shiga da'irar za ta aika. Gara a rubuta "Hajiya, na iso Bompai. Wayata ce ta turo wannan da kanta." Kuma a zaunar da ita a yi mata bayani tun farko cewa in wata rana ba ta ga saƙo ba, ta kira kafin hankalinta ya tashi, domin mutuwar batir ko ƙarewar kati kaɗai sun isa su hana shi zuwa.