Fayil yana cikin kwamfuta, amma ba ya ciki

Akwai wani abin takaici da ke samun masu tafiya da kwamfutar hannu, kuma ba ya bayyana sai an isa inda babu sabis. Mutum zai buɗe foldar aikinsa, ya ga komai a jere yadda ya bari: sunan fayil, ranar da aka gyara shi, girmansa, wani lokaci har da ƙaramin hotonsa. Ya latsa don ya buɗe, kwamfuta ta ɗan yi jim, sannan ta ce ba za ta iya ba. Wasu su ce ƙwayar cuta ce, wasu su ɗora wa mai gyara laifi. Galibi babu abin da ya lalace. Abin da ke kan kwamfutar shaida ce kawai cewa akwai fayil mai wannan suna, shi kuwa ainihinsa yana can a rumbun kamfanin da ke ajiya ta intanet.

Zan tsaya a kan OneDrive na kamfanin Microsoft, domin shi ne yake zuwa a haɗe da Windows, kuma shi ya fi kama mutane ba shiri. Tsarin da ke haifar da wannan abu sunansa Files On-Demand, ya shigo Windows 10 a ƙarshen shekarar 2017. Dalilinsa mai kyau ne. Kwamfutoci da yawa na zuwa da ma'ajiya mai gigabayit 128 ko 256, alhali abin da ma'aikata ko makaranta ta tara a intanet yana iya ninka haka. Sai aka ce to, a nuna wa mutum jerin komai, amma kada a sauke fayil sai ranar da ya nemi buɗe shi. Kamar rasit ne na hatsin da ka ajiye a sito a Dawanau: sunanka na jiki, adadin buhuna na jiki, amma ba a tuƙa tuwo da rasit. Abin lura shi ne Microsoft ya taɓa gwada irin wannan a Windows 8.1, ya cire shi da Windows 10 ya fito a 2015, kuma cikin dalilan da ya bayar akwai ruɗewar da mutane ke yi, suna zaton fayilolinsu na hannunsu sai sun rabu da intanet. Da ya dawo da shi sai ya ƙara alamomi a gefen kowane fayil.

Idan ka buɗe folda a File Explorer, za ka ga wani layi mai suna Status. Ɗan girgije mai shuɗin zane yana nufin fayil ɗin a intanet kaɗai yake. Farin da'ira mai koren baki da koriyar alamar maki yana nufin an sauke shi, yana kan kwamfutar a yanzu. Da'irar da ta cika da kore, da farar alamar maki a tsakiya, ita ke nufin an sauke shi kuma an ba da umarnin ya zauna dindindin. Kibiyoyi biyu masu zagaye na nufin ana kan aiki, jan da'ira mai gicciye kuma matsala ce.

Girgijen kowa na iya gane shi da zarar an nuna masa. Inda ake faɗuwa shi ne tsakanin korayen nan biyu, don kuwa a ido kusan ɗaya suke, a aiki kuma da tazara. Fayil mai farin da'ira baƙo ne. Ya sauka ne saboda ka taɓa buɗe shi, kuma Windows na da wani sashe mai suna Storage Sense wanda aikinsa share wuri, yana da ikon mayar da irin wannan fayil girgije idan an daɗe ba a taɓa shi ba. A sabon Windows 11 wa'adin da ake tararwa a saiti kwana 30 ne. Ke nan takardar da ka karanta wata biyu da suka wuce, kana da yaƙinin tana cikin kwamfutarka, tana iya komawa ba tare da an yi maka sallama ba. Mai cikakken kore kuwa Storage Sense ba ya taɓa shi. Don haka matafiyi cikakken kore yake nema.

Wani abin da ke ƙara ruɗani: mutane da yawa ba su ma san suna amfani da OneDrive ba. A lokacin saita sabuwar kwamfuta, ko in ma'aikata ce ta ba ka ita, sau da yawa ana kunna ajiyar foldojin Desktop, Documents da Pictures zuwa OneDrive. Wato ko abin da ke zube a fuskar kwamfuta yana iya zama girgije.

A ce malama ce za ta tashi daga Kano zuwa wani ƙauye ta gudanar da bita ta kwana uku ga ma'aikatan lafiya, inda sabis sai an hau tudu. Tana da folda guda mai ɗauke da takardun rabawa, jadawalin mahalarta, fayil ɗin PowerPoint, da bidiyoyi huɗu. Abu na farko da za ta yi shi ne sanin nauyin kayan. Ta latsa foldar da ɓangaren dama na linzami, ta zaɓi Properties. Za ta ga layi biyu, Size da Size on disk. Na farko girman fayilolin ne na gaskiya, na biyu kuma wurin da suka ci a kwamfutarta. Idan na sama ya ce 6 GB, na ƙasa ya ce ɗan abin da bai kai rabin gigabayit ba, to kusan duk kayan suna intanet. Fayil ɗin da ke girgije zalla ma sifili yake nunawa a layi na biyu. A ganina wannan awo ya fi kallon alamomi tabbas, domin folda mai fayil ɗari uku ba wanda zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan ta duba ko ma'ajiyar kwamfutar na da sararin gigabayit 6 ɗin da ɗan ƙari. Sai ta sake latsa foldar ta dama, ta zaɓi Always keep on this device. Umarnin yana hawa kan duk abin da ke cikin foldar har da ƙananan foldoji, kuma duk sabon fayil da abokin aiki ya jefa ciki daga baya zai sauka da kansa, muddin akwai intanet a lokacin.

Latsawar daƙiƙa ɗaya ce, saukarwar ce ke cin lokaci, kuma a nan ne mai gaggawa ke yaudarar kansa. Mu yi lissafi. Gigabayit 6 daidai yake da megabit kusan 48,000, tunda kowane bayit bit takwas ne. Idan layinta na ba da megabit 5 a daƙiƙa, za a ɗauki daƙiƙa 9,600, wato awa biyu da minti arba'in, in har sabis bai yanke ba, wuta ba ta ɗauke ba. Kuma gigabayit 6 ɗin nan daga datarta za su fita in da wayarta ta jona. Wanda ya tuna da wannan aiki direba na jiransa a ƙofar gida ya makara. Aikin daren jajibirin tafiya ne, ko ma a yi shi a ofis tun ana saura kwana biyu.

Akwai kuma tarko ga masu jona kwamfuta da waya. OneDrive yana dakatar da aiki da kansa idan Windows ya ɗauki layin a matsayin mai ƙidayar data, haka nan idan kwamfuta ta shiga yanayin tsimin batir. Sai mutum ya ba da umarni, ya tafi harkarsa, ya dawo ya tarar ba abin da ya motsa. Ana ganewa ta ɗan girgijen da ke kusa da agogo a ƙasan allo: idan akwai alamar dakatawa a kansa, a latsa shi a ce ya ci gaba. Can ne kuma zai nuna fayil nawa suka rage. Kada a rufe murfin kwamfutar har sai ya ce komai ya daidaita, domin kwamfutar da ta yi barci ba ta sauke komai.

Bayan an gama, malamar ta sake duba Properties ta ga layukan biyu sun yi kusa da juna. Sannan ta yi gwajin da babu kamarsa: ta kunna Airplane mode, ta buɗe fayilolin da za ta yi aiki da su ɗaya-ɗaya tana zaune a ɗakinta. Wannan gwaji yana tona abin da alamomi ba sa nunawa. Wataƙila bidiyon da ke cikin PowerPoint ɗinta ba a cusa shi ciki ba, an ɗaura shi ne da wani fayil da ke wata folda dabam wadda har yanzu girgije ce. Wataƙila jadawalin Excel yana jan lissafi daga wani fayil. Wataƙila takardar da shugabanta ya raba mata ta buɗe ta ne kullum ta burauza, ba ta taɓa shiga foldarta ba. Haka kuma masu biyan kuɗin Microsoft 365 su buɗe Word sau ɗaya da intanet kafin tashi, saboda manhajar na buƙatar tabbatar da rajista aƙalla sau ɗaya a kwana 30.

Masu cewa "ai zan kwafa a filash" su ma su lura. Kwafar fayil mai girgije tana tilasta saukar da shi tukuna, don haka da intanet tana yiwuwa, ba intanet kuwa kuskure za a gani. Filash dabara ce mai kyau a matsayin madadi, amma a yi ta bayan saukarwa, kuma a buɗe fayil ɗaya ko biyu daga kanta a gani.

Sauran kamfanonin ma haka suke, sunaye ne suka bambanta. A Google Drive na kwamfuta ana zaɓar Available offline, a Dropbox kuma Make available offline. Na Google yana da ƙarin sharaɗi: takardun da aka rubuta da Google Docs ba cikakkun fayiloli ba ne a kan kwamfuta, sai an kunna aikinsu na ba intanet a burauzar Chrome tun da wuri, ko a sauke su a matsayin Word ko PDF.

A can wurin bita malamar na iya gyara takardunta yadda take so. Gyaran zai zauna a kwamfutar, ya hau intanet ranar da ta samu sabis. Idan wani ya gyara takarda ɗaya a Kano a daidai lokacin, OneDrive yakan ajiye kwafi biyu, ɗaya da sunan kwamfutarta a manne a ƙarshe, sai ta zauna ta haɗa su da hannu. Shi ya sa ya kyautu ta faɗa wa abokan aiki waɗanne takardu ne a hannunta kafin ta tafi.

In ta dawo tana son sararin ma'ajiyarta, umarnin da za ta bi shi ne Free up space, wanda ke mayar da fayiloli girgije ba tare da an rasa komai ba. Kada ta goge su da Delete. Goge fayil a cikin foldar OneDrive, ko da mai girgije ne da bai ci wuri ba, yana goge shi ne a intanet da duk na'urorin da ke haɗe da asusun. Ana iya dawo da shi daga kwandon shara na OneDrive, amma cikin kwana 30 ga asusun mutum na kansa, ko kwana 93 ga na ma'aikata da makaranta.