Da'irar Mohr: Yadda Takarda da Kamfas Ke Nuna Inda Ƙasa Za Ta Tsage

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ramin da gefensa ya zabtare zai lura cewa ƙasar ba ta sauko a miƙe kamar an yanka da wuƙa ba. A karkace take tsagewa, ɓangare ya sulale a kan ɓangare. Wannan karkata tana da lissafi, kuma injiniyoyin ƙasa suna fitar da ita da fensir, rula da kamfas, ta hanyar da injiniyan nan Bajamushe, Otto Mohr, ya wallafa a 1882. Shi ya sa ake kiran zanen da'irar Mohr.

A ɗakin gwaji aikin yake farawa. Ana ɗaukar ƙasa a tsara ta kamar guntun rake, faɗinta milimita 38, tsayinta milimita 76, a sa mata rigar roba, a ajiye ta cikin tukunyar na'ura mai cike da ruwa. Ruwan yana matse ta ta kowane gefe, kamar yadda ƙasar da ke kewaye da ita ke yi mata a cikin rami. Daga nan sai a riƙa danna ta daga sama a hankali har ta gaza. Mu ɗauka busasshen yashi ne aka gwada. Matsin gefe kilofaskal 100 ne, yashin kuma ya gaza lokacin da jimlar matsin sama ta kai kilofaskal 300. Lambobin nan biyu sun ishe mu.

Abin da ake so a sani shi ne halin da ake ciki a cikin yashin. Ka ƙaddara ka yanka shi a karkace. A kan fuskar yankan akwai ƙarfi iri biyu: ɗaya yana danne ɓangarorin su haɗu, ɗaya yana tura na sama ya zame. Na farkon mu ce masa danniya, na biyun turin zamiya. Idan ka sauya karkatar yankan, su ma sai su sauya. Hikimar Mohr ita ce ya tattara amsar kowace karkata a kan da'ira guda, kowane ɗigo a jikinta yana wakiltar yanka ɗaya.

To, ɗauko takarda mai gidan dara. Ja layi a kwance na danniya, ka ja wani a tsaye na turin zamiya, su haɗu a sifili. Bari santimita 1 ta tsaya a matsayin kilofaskal 20 a layukan biyu. A kan na kwance, sa ɗigo a santimita 5, shi ne matsin gefe, ka sa wani a santimita 15, shi ne matsin sama. Tsakiyarsu tana santimita 10. Kafa allurar kamfas a nan, ka buɗe shi santimita 5, ka zagaya. Rabin da'irar na sama ma ya wadatar.

Saura layin gazawa, wanda asalinsa aikin Bafaranshe Coulomb ne na 1773. Abin da yake cewa kowa ya sani a aikace: buhun hatsi da aka ɗora wa wani buhu ya fi wuyar ja, domin gogayya tana ƙaruwa da danniya. Busasshen yashi ba shi da danƙo, don haka layinsa daga sifili yake tashi. Ɗora rula a sifili, ka juya ta har ta shafi jikin da'irar a wuri ɗaya tak ba tare da ta ratsa ciki ba, ka ja layi. In ka auna kusurwarsa da layin kwance za ka sami digiri 30. Ita ce kusurwar gogayyar yashin, wadda ake rubutawa φ.

Ɗigon da layin ya shafi da'ira shi ne yankan da yashin zai tsage a kansa. Haɗa shi da tsakiyar da'ira, ka auna kusurwar tun daga ɗigon santimita 15 zuwa wannan sabon layi. Za ta ba ka digiri 120, wato 90 da 30. A nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, domin wannan ba ita ce amsar ba, sai an raba ta biyu. Dalili kuwa a bayyane yake: a cikin yashin, fuskar da matsin sama ke dannawa da wadda matsin gefe ke dannawa digiri 90 ne tsakaninsu, amma a takarda ɗigonsu suna gefe da gefe na da'ira, digiri 180. Da'irar tana ninka kowace kusurwa. Rabin 120 shi ne 60, saboda haka yashin zai tsage a karkatar digiri 60 daga kwance. A taƙaice ana rubuta shi θ = 45° + φ/2.

Wurin da ya fi burge ni shi ne wannan. Ƙololuwar da'ira, inda turin zamiya ya fi ko'ina yawa, tana wakiltar yankan digiri 45, kuma mai hasashe zai ce can ya kamata a tsage. Mu auna mu gani. A digiri 45 turin zamiya 100 ne, amma danniya 200 ce, wadda ke ba yashin riƙon da ya kai kusan 115. Riƙo ya fi turi, ba abin da zai motsa. A digiri 60 kuwa ɗigon yana santimita 7.5 a kwance, 4.3 a tsaye, wato danniya 150, turi kusan 87, riƙon ma kusan 87. Turin ya ragu, amma riƙon ya fi shi raguwa, har suka yi kunnen doki. Can ne igiyar ke tsinkewa.

Akwai kurakurai da zanen kansa yake tonawa. In ka yi amfani da ma'auni dabam-dabam a layukan biyu, ɗigogin da ka lissafa za su ba ka siffar ƙwai maimakon da'ira, kusurwar ta lalace. In amsarka ta fito ƙasa da 45 a irin wannan gwaji, to daga tsaye ka auna, ko daga ɗigon santimita 5 ka faro. 30 daga tsaye ai ita ce 60 daga kwance. In layinka ya ratsa cikin da'ira, sake zane, domin ƙasa ba ta ɗaukar abin da ya haura layin gazawarta.

Laka da jar ƙasa suna da danƙo, layinsu yana tashi ne daga sama da sifili, don haka da'ira ɗaya ba ta isa. Akan gwada samfuri uku da matsin gefe dabam-dabam, a zana da'ira uku, a ja layin da ya shafe su duka. Ruwa ma yana da nasa hukunci: in ƙasar a jiƙe take sharkaf, sai an cire matsin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyinta daga lambobin biyu kafin a zana. Da'irar ba ta ƙanƙancewa, matsawa take yi hagu, kusa da layin gazawa. Wannan na cikin dalilan da gefen ramin da ya tsaya duk rani yake rufta wa mutane da damina. Sannan ba kowane samfuri ke nuna tsaga ba. Sakakken yashi da laka mai laushi sukan yi tumbi kawai kamar tulu.

A wurin aiki kusurwar tana komawa mita. Katangar da ke tare irin yashin nan mai tsayin mita 2, in ta ɗan ba da kai, ɓangaren da zai biyo ta yana tashi daga gindinta a digiri 60, ya ɓullo a saman ƙasa wajen mita 1.15 daga bakinta. Duk bulo ko tulin yashin da aka jibge a wannan tazara yana kan ɓangaren da zai zame ne. Idan ana haƙa a gidanka, ka sa a matsar da kayan nesa da bakin ramin tun kafin lebura ya sauka ciki.