Idan Kwamfuta Ta Nuna 169.254, Kada Ka Yi Saurin Sayen Data

Alamar waifai tana cike, ko kuma kebul yana jone har fitilarsa na ƙiftawa, amma shafi ya ƙi buɗewa. Abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne "data ta ƙare" ko "yau sabis babu kyau." Sai a sayi wata datar, a zagi kamfanin waya, wani ma ya ɗauki laftof ɗinsa ya kai wa mai gyara a goge komai a sake ɗora Windows. Alhali sau da yawa kwamfutar ta riga ta faɗi inda ciwon yake, ba a dai duba ba ne. Tana faɗa ne da wata lamba da ke farawa da 169.254.

Kowace na'ura da ta shiga sadarwar gida ko ofis tana buƙatar adireshi na lambobi, irin su 192.168.0.105, wanda da shi ake gane ta a aiko mata da saƙo. Ba mai ita ke rubuta wannan adireshi da hannu ba. Rauta ce ke rabawa, ta hanyar wani aiki da ke cikinta mai suna DHCP. Kamar mai masauki ne: baƙo ya yi sallama, a ba shi lambar ɗaki na wani ƙayyadadden lokaci, a kuma nuna masa ƙofar fita. Magana huɗu ake yi a tsakaninsu. Na'ura ta yi shela ga duk wanda ke kan sadarwar cewa tana neman adireshi, rauta ta yi mata tayin ɗaya, na'ura ta ce ta karɓa, rauta ta tabbatar. Tare da adireshin ake ba ta wasu abubuwa biyu da in babu su ba a zuwa intanet: adireshin ƙofar fita, wato ita kanta rautar, da adireshin DNS, mai mayar da sunan shafi zuwa lamba. Idan komai lafiya, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu an gama.

To idan ta yi shela shiru fa? Za ta sake yi, ta ɗan jira, ta ƙara. Idan har yanzu babu amsa, sai ta zaɓar wa kanta adireshi daga wani rukuni da aka keɓe don irin wannan hali, daga 169.254.1.0 zuwa 169.254.254.255, adireshi 65,024 ke nan. Da ka take zaɓa, sannan ta yi tambaya sau uku ko akwai mai riƙe da shi. In wani ya amsa ta canja, in shiru ta riƙe. Wannan dabara ta daɗe. Tun 1998 Windows 98 da Mac OS 8.5 suka zo da ita, a 2005 kuma aka rubuta ƙa'idarta a takardar RFC 3927. Microsoft na kiranta APIPA.

Tun asali an yi ta ne don kwamfutoci biyu ko uku da aka haɗa da kebul ba tare da rauta ba su iya magana da juna. Shi ya sa adireshin yake aiki a cikin gida kawai. Bai zo da ƙofar fita ba, kuma ƙa'ida ta hana kowace rauta ta wuce da saƙonsa zuwa waje. Ko da ka saka datar shekara guda, na'urar da ke riƙe da 169.254 ba za ta buɗe shafi da shi ba.

Ganinsa ba wuya. A Windows ka buɗe Command Prompt ka rubuta `ipconfig`, za ka ga wani abu kamar haka:

```
Autoconfiguration IPv4 Address. . : 169.254.83.17
Subnet Mask . . . . . . . . . . . : 255.255.0.0
Default Gateway . . . . . . . . . :
```

Ka lura da layi na uku, babu komai a gabansa. Mac kuwa takan rubuta "Self-Assigned IP" a saitin sadarwa, iPhone ma tana nuna lambar a bayanan waifai ɗin da take kai. Wayoyin Android galibi ba sa ɗaukar irin wannan adireshi, sai dai su tsaya a kan "Obtaining IP address" har su gaji su yanke. Ciwo ɗaya ne, fuskarsa ce ta bambanta.

Abin da ya sa nake ganin darajar wannan lamba shi ne tana taƙaita bincike. Da kebul ɗin kwamfutarka ne ya cire gaba ɗaya, Windows za ta rubuta "Media disconnected". Da data ce ta ƙare ko layin kamfani ya faɗi, za ka ga adireshi mai kyau irin 192.168 da ƙofar fita cike, intanet ɗin ne kawai babu. Amma 169.254 yana nufin na'urar tana jone da wani abu, ta yi magana, ba a amsa mata ba. Matsalar tana tsakanin teburinka da rauta, cikin ɗakin nan ko ɗakin gaba.

Mu ɗauki misalin shagon buga takardu. Akwai rauta mai ɗaukar sim a kan kanta, adireshinta 192.168.0.1. Daga gare ta kebul ɗaya ya tafi suwic, wato akwatin nan mai bakuna da yawa da ke raba kebul, daga suwic kuma kwamfuta uku da firinta ɗaya. Da safe aka kunna komai, kwamfutocin uku duk babu intanet, amma wayar mai shago da ke kan waifai ɗin rautar tana buɗe WhatsApp lafiya lau.

Tambayar farko ita ce: na'ura nawa abin ya shafa? A nan wayar ta ba da rabin amsa. Da aka duba bayanan waifai ɗinta, adireshinta 192.168.0.103 ne, kuma da safen nan ta karɓe shi. Ke nan rautar tana raye, DHCP ɗinta yana amsawa, data ma akwai. Kwamfutocin uku kuwa kowace ta nuna 169.254. Abin da ya haɗa su, wanda bai shafi wayar ba, shi ne suwic da kebul ɗin da ya haɗa shi da rauta.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Fitilun kwamfutocin duk suna ci a jikin suwic, domin kebulansu lafiyarsu ƙalau. Kuma tunda dukansu sun faɗa rukuni ɗaya, suna iya ganin juna, a tura fayil daga wannan zuwa waccan, wani lokacin ma firinta ta buga idan ita ma ta zaɓar wa kanta irin adireshin. Sai mai shago ya ce ai waya ba ta da matsala tunda ga shi suna aiki. Suna aiki ne a tsakaninsu, rauta ba ta jin ko ɗaya.

Da aka leƙa bayan suwic, bakin da kebul ɗin rauta ke ciki fitilarsa a mace take. Ɗan harshen robar da ke riƙe kan kebul ɗin ya karye, mai shara ya taɓa shi ya zame kaɗan, ga ido kuma kamar yana ciki. Aka sa wani kebul, fitila ta kama. Windows da kanta tana sake neman DHCP duk bayan minti biyar, amma ba sai an jira ba:

```
ipconfig /release
ipconfig /renew
```

Nan take ta farko ta sami 192.168.0.104 da ƙofar fita 192.168.0.1. Wani kuskuren mai kama da wannan shi ne a soke kebul ɗin suwic a bakin rauta da aka rubuta WAN maimakon LAN. A irin wannan fitila za ta iya ci, amma rauta ba ta raba adireshi ta wannan bakin.

Da a ce wayar ma ta kasa samun adireshi, hankali zai koma kan rautar kanta. Mafi sauƙin dalili shi ne wanda muke gani kullum saboda ɗauke wuta. An tada janareta, kwamfuta ta rigayi rauta tashi, ta yi shelarta tun waccan ba ta farka ba. Wannan yana warkewa da kansa, ko da umarni biyun nan na sama. Wani lokacin kuma aikin DHCP ne ya maƙale a cikin rautar, sai a zare mata wuta na kamar rabin minti a mayar. A kula dai, zare wuta daban, danna ɗan ramin nan na Reset daban. Na biyun yana goge sunan waifai da kalmar sirri da duk saitin da aka yi.

Akwai kuma halin da tsofaffin na'urori ke aiki, sabon zuwa ne kawai ke kasa shiga. Wannan alama ce ta adireshi ya ƙare. Rautocin TP-Link da yawa, misali, suna fitowa daga kamfani da rukuni daga 192.168.0.100 zuwa 192.168.0.199, guda 100 ke nan. Kowane adireshi aro ne na wani lokaci, kuma ko mai shi ya tafi, rauta takan riƙe masa har wa'adin ya cika. A makaranta ko otal inda jama'a ke shige da fice, idan an sa wa'adin kwana guda ko mako, kafin azahar rukunin ya cika da sunayen waɗanda tuni suka koma gida. Maganinsa a shiga saitin rautar ta burauza, a faɗaɗa rukunin, a rage wa'adin zuwa awa biyu ko makamancin haka.

Idan kuwa na'ura ɗaya ce tak ke da 169.254 alhali maƙwabtanta lafiya, a fara da nata: a canja kebul, a canja baki a suwic, ko a sa ta manta waifai ɗin ta sake shiga. Waifai mai rauni ma yana jawo haka, na'ura ta jone amma saƙonnin huɗun nan su riƙa ɓacewa a hanya, don haka a matso kusa da rauta a gwada.

Masu gyara suna da wani gwaji mai kyau. Sukan rubuta wa kwamfutar adireshi da hannu, a ce 192.168.0.50, da 255.255.255.0, da ƙofar fita 192.168.0.1, sannan su rubuta `ping 192.168.0.1`. Idan rauta ta amsa, hanya lafiya, DHCP ne a kashe ko a cike. Idan ba ta amsa ba, hanyar ce ta yanke. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar kwamfutar a haka a ce an gyara. Ranar da mai laftof ya kai ta wani ofis mai rukunin 192.168.1, za ta ƙi aiki, kuma ba zai san dalili ba. In kuma adireshin da aka rubuta ya faɗa cikin rukunin da rauta ke rabawa, wata rana za ta iya ba wani shi, na'urori biyu su riƙa yanke wa juna. Duk mai gyaran da ya yi maka wannan gwaji, ka roƙe shi ya gano ainihin dalilin, ya kuma mayar da saitin kan "Obtain an IP address automatically" kafin ka biya shi.