Ciwon maƙogwaro: laifin ƙanƙara da tonka ne, ko na ƙwayoyin cuta?

A Damagaram, da zarar yaro ya tashi da safe yana cewa wuya na yi masa ciwo, tambayar farko da uwa ke yi ita ce: "Wa ya ba ka ƙanƙara jiya?" Idan babba ne, sai a ce ai yajin kilishi ko tonkar miya ce ta kama shi. Maganar ta fi yawa a lokacin bazara da kuma watan azumi, lokacin da tun daga Birni har Zango da bakin Kasuwar Dole ake layin sayen galas kafin shan ruwa. To mene ne gaskiyar lamarin?

A wurin likitoci, ciwon maƙogwaro iri biyu ne. Akwai wanda ƙwayar cuta ke kawowa, akwai kuma wanda wani abu ne kawai ya fusata fatar cikin wuya, kamar ƙura ko hayaƙi ko yaji. Na farkon yana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, wani lokacin ma yana da hatsari. Na biyun ba ya yaɗuwa, kuma yakan lafa idan an kauce wa abin da ya jawo shi.

Abin da sanyi ke yi da wanda ba ya yi

Zafin jikin mutum yana wajen digiri 37. Kurɓin ruwan sanyi na wucewa ta maƙogwaro cikin ƴan daƙiƙu, jijiyoyin jinin wurin su ɗan tsuke, sannan jini ya sake ɗumama wurin ba da jimawa ba. Sanyin kansa ba ya haifar da ƙwayar cuta. Shi ya sa a asibitoci da dama, bayan an yi wa yaro aikin cire ƴan wuya, abin sha mai sanyi ake fara ba shi, domin yana rage raɗaɗi.

To me ya sa mutane da yawa ke rantsuwa cewa suna shan ƙanƙara suka kamu? Dalilin yana cikin lissafin kwanaki. Ƙwayar mura takan yi kwana 1 zuwa 3 a jiki kafin ta nuna kanta, ƙwayar da ke sa ƴan wuya su yi mugunya kuwa takan yi kwana 2 zuwa 5. Wanda ya sha zoɓo mai sanyi daren Laraba, ya tashi da ciwo ranar Alhamis, mai yiwuwa tun Litinin ya ɗauko cutar. Wuyan ya riga ya fara kumbura, sanyin ya taɓa wurin, mutum ya ji shi, sai ya ɗora wa zoɓon laifi.

Amma iyayenmu ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Wasu mutane wuyansu ba ya jure sanyi: suna sha sai tari ko shaƙewar murya ta ɗan lokaci, musamman masu asma. Wannan fusata ce, ba kamuwa ba. Sannan hatsarin ƙanƙara na ainihi yana cikin ruwan da aka yi ta da shi. Daskarewa ba ta kashe yawancin ƙwayoyin cuta, sa su barci kawai take yi. Idan ruwan ba shi da tsabta, ko an ja dunƙulen galas a ƙasa, an fasa shi kan buhu mai datti, aka jefa cikin fura, ana iya samun zawo ko taifot. Wato ƙanƙara marar tsabta ciki ta fi yi wa illa, ba wuya ba.

Abin da ke kai cuta ga wuya a wurin shan ruwan sanyi shi ne moɗa ɗaya da ke zagaya mutum goma, ko ludayin fura da ke fita daga wannan baki ya shiga wancan, ko kofin shayi a fada da ba a wanke da sabulu ba. Yawun mai ciwo shi ne abin hawa, ko abin shan yana da sanyi ko yana tafasa.

Tonka: wuta ce ta ƙarya

Cikin tonka akwai wani sinadari mai suna kafsaisin. A baki da maƙogwaro akwai jijiyoyin da aikinsu shi ne sanar da ƙwaƙwalwa cewa abu ya yi zafi fiye da kima, kuma sukan farka idan zafi ya kai wajen digiri 43. Kafsaisin na tayar da su ko da babu wuta, ƙwaƙwalwa ta ɗauka baki na ƙonewa, sai gumi da hawaye da majina. Masanin Amurka David Julius ne ya gano yadda hakan ke faruwa a 1997, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021.

Saboda haka raɗaɗin tonka yakan wuce cikin mintuna, ba ya kawo masassara, ba ya sa mugunya. Ruwa ba ya kashe shi sosai domin sinadarin ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa. Nono ko madara sun fi aiki. Sai dai tonka na iya yin ɓarna ta hanyoyi biyu. Idan wuya ya riga ya kumbura, tana ƙara masa azaba, kamar gishiri a kan miki. Ga masu ƙwannafi kuma, cin abinci mai yaji da mai da dare, a kwanta nan take, yana iya sa ruwan tsamin ciki ya hauro har wuya. Irin wannan mutum yakan tashi da murya a dishe, da ɗaci a baki, da yawan gyaran murya, amma babu masassara. Maganinsa ba antibiyotik ba ne: a bar tazarar awa 2 zuwa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya, a rage mai da yaji, idan ya ci gaba a ga likita.

A nan ƙasarmu akwai wasu masu fusata wuya da ba a cika zarginsu ba: ƙurar hunturu da bushewar iska daga Disamba zuwa Fabrairu, hayaƙin itace a madafa, taba da shisha, da barci da baki buɗe saboda toshewar hanci.

Gida ɗaya, ciwo uku

Mu ɗauki misalin gida guda da aka sha zoɓo mai ƙanƙara da dare, washegari mutum uku suka tashi da ciwon wuya.

Maigida ya wuni kan babur cikin ƙura, ya ci tsire mai yaji, ya kwanta. Wuyansa na ƙaiƙayi, jikinsa ba zafi, da ya sha ruwa ya karya sai abin ya sassauta. Wannan fusata ce kawai.

Uwargida tana atishawa, hanci na zuba, ga tari, ga ɗan zafin jiki. Wannan alamar birus ce, wato irin ƙwayar mura, kuma ita ce ke kawo mafi yawan ciwon maƙogwaro. Antibiyotik ba ya taɓa birus. Abin da take buƙata shi ne hutu, yawan shan ruwa, parasetamol, da kurkure wuya da ruwan ɗumi kofi ɗaya da aka sa wa rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yawanci cikin mako guda ciwon ya wuce. Zuma na sanyaya wuya, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba.

Na ukun ita ce ƴarsu mai shekara 9. Ciwon ya zo mata farat ɗaya, masassara ta wuce digiri 38, haɗiyar yawu na yi mata wuya, kaluluwa ta fito ƙarƙashin muƙamuƙi tana zafi idan an taɓa. An haska bakinta da fitilar salula, ƴan wuyan sun yi jajir da ɗigon fari. Kuma ba ta tari, hancinta ba ya zuba. Wannan rashin tari da majina shi ne abin lura: yana sa a zargi bakteriyar da ake kira sitireptokok, wadda ta fi kama yara masu shekara 5 zuwa 15. Ita ce ya kamata a kai likita a ranar.

Dalili kuwa shi ne, idan ba a kashe wannan ƙwaya ba, wasu yaran bayan mako 2 zuwa 3 sukan kamu da masassara da ciwon gaɓoɓi, domin garkuwar jiki ta rikice tana yaƙar jikin kanta. Ta kan taɓa ƙofofin zuciya, ɓarnar kuma ta zauna har girma. Maganin ba mai wuyar samu ba ne: amokisilin ko penisilin na kwana 6 zuwa 10 gwargwadon abin da likita ya rubuta, ko allurar penisilin guda ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen kafso biyu ko uku wurin mai tallar magani, a daina da zarar masassara ta sauka. Ciwon ya lafa, ƙwayar kuwa tana nan. Idan iyayen yarinyar suka tsaya kan cewa ƙanƙara ce, suka hana ta ruwan sanyi kawai, sun bar jaki suna dukan taiki.

Mashaƙo da cire belu

Jihar Zinder ta ga abin da ciwon wuya ke iya zama a 2023, lokacin da annobar mashaƙo ta ɓulla, musamman a yankin Matameye, a daidai lokacin da Kano ma ke fama da ita. Mashaƙo na farawa kamar ciwon wuya na yau da kullum, da masassara marar tsanani. Bayan kwana biyu ko uku sai wata fata mai launin toka ta manne a maƙogwaro, wadda ke zubar da jini idan aka yi ƙoƙarin kankare ta, wuya ya kumbura ta waje. Tana iya toshe numfashi, dafin ƙwayar kuma ya kama zuciya. Ba a jinyar ta a gida. Kariyarta ita ce allurar penta da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14.

A irin wannan hali wasu kan kai yaro wurin wanzami a cire masa belu. Belu sashe ne na jiki da kowa ke da shi, yakan kumbura ne saboda ciwon da ke kewaye da shi. Yanke shi ba ya kashe ƙwayar cutar, yana iya jawo zubar jini da shigar wata cuta ta ƙarfen, ga kuma ɓata kwanakin da ya kamata a ce an fara magani.

A garzaya asibiti ba tare da jira ba idan mai ciwon na numfashi da ƙyar ko da ƙara, ko ya kasa haɗiye ruwa har yawu na dalala, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko wuya ya kumbura, ko an ga farar fata ko mai launin toka a ciki. Idan masassara ta zo da sanƙarewar wuya ta baya da ciwon kai mai tsanani, a yi tunanin sanƙarau. Babba kuma da muryarsa ta dishe fiye da mako 3, musamman mai shan taba, ya je a duba shi.

Mai ciwon wuya zai iya shan abin da ya fi yi masa daɗi, mai sanyi ko mai ɗumi, muddin ruwan mai tsabta ne. A dai ware masa kofinsa da cokalinsa har ya warke, kuma kafin a tambayi yaro wa ya ba shi ƙanƙara, a taɓa goshinsa, a haska bakinsa.