Wasiƙa Daga Malamin Asibiti: Tarin Da Ya Wuce Mako Biyu

Iyayena da 'yan'uwana mutanen gari, ina roƙon ɗalibai su karanta wa na gida wannan takarda.

Tarin mura yakan lafa cikin kwana goma ko makamancin haka. To, amma in tari ya kai mako biyu bai tafi ba, sai a zo a gwada, domin yana iya zama tarin fuka, wato tibi. Balle in ana zazzaɓi da yamma, ko gumi cikin dare har riga ta jiƙe, ko mutum yana ta ramewa. Kada a jira sai an ga jini a kaki. Da yawa ba sa ganinsa sam.

Bara wani magidanci ya yi wata uku yana tari, yana cewa ai sanyin hunturu ne. Ya sha maganin tari na kwalba daga kemis, ya ɗan ji sauƙi, tarin ya dawo. Dalili kuwa, wannan magani lallashin maƙogwaro kawai yake yi, ba ya kashe ƙwayar cutar da ke cin huhu. Ita kuwa ƙwayar ta iska take bi, ba ta kwanon abinci ba, ga shi ɗaki ɗaya yake kwana da yara, taga a rufe.

Da ya zo, muka ba shi ɗan mazubi mai murfi. Ya kurkure baki da ruwa, ya fita fili, ya ja numfashi sosai sau uku, sannan ya yi tari daga ƙirji ya tofa kaki kamar cikin ƙaramin cokali. Kaki ake so, ba yawu ba, don yawu yana iya sa a rasa cutar alhali tana nan. Aka aika ɗakin gwaji, sakamako ya nuna tibi ne.

Ya sha magani kullum har wata 6, kyauta, kamar yadda ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Fitsarinsa ya yi ja-ja, muka ce kada ya damu, aikin maganin ne. In dai ido ya yi rawaya, to a dawo maza. Bayan wata ɗaya ya ji ƙarfi, ya so ya daina, muka hana, don ƙwayar da ta rage sai ta taurare ta ƙi jin magani. Muka duba iyalinsa, ƙananan yara suka sami maganin kariya. Yanzu ya koma gonarsa.

In gwaji bai nuna komai ba amma tari ya ci gaba, a dawo a ɗauki hoton ƙirji, don asma da ciwon zuciya su ma suna kawo tari.

Allah ya ba mu lafiya, amin.

Naku,
Malamin asibitin gari