Takarda Ɗaya Tak Mai Riƙe Kamannin Sana'ar Girki

Duk wanda ya bi titin Panshekara da tsakar rana zai ga Adaidaita Sahu ɗauke da kuloli da ledojin tekawe, wasu sun nufi kamfanonin fata na Challawa, wasu sun yi hanyar Sharada. Abincin kusan iri guda ne: shinkafa da wake, jalof, dambun shinkafa, tuwo da miyar kuka, ga zoɓo a gefe. Ma'aikacin da aka miƙo wa robar ba ya ganin matar da ta dafa. Abin da ke gabansa sitika ce a kan murfi, sai saƙon da ya shigo wayar mai yin oda. Idan sitikar yau ja ce, ta gobe ruwan lemo, sunan kuma kowane wata da yadda ake rubuta shi, to girkin zai yi daɗi amma ba a san wa za a nema ba.

Maganin wannan takarda ce guda, girman A4, wadda mai sana'a za ta rubuta sunanta, launinta da salon maganarta. Ita kanta ta san abin da take so, don haka takardar ta waɗanda ke aiki a bayan idonta ce: mai buga sitika, telan da ke ɗinka rigunan masu rabo, da ƙanwarta da ke riƙe da wayar oda. Abin da ya haura shafi ɗaya babu mai karanta shi a cikin mutanen nan.

Mu ɗauki misalin wata Hajiya a Panshekara da ke kai abincin rana wasu kamfanoni a Challawa, ranar Asabar kuma ta yi girkin biki da suna. A saman takardar za ta sa sunan sana'ar yadda ake rubuta shi, harafi-harafi, da lambar waya ɗaya. Idan ta yi rajistar suna a hukumar CAC, wannan rubutun za ta kwafa, kuma shi ya kamata ya fito a asusun da ake tura kuɗi. Akantan kamfani ba ya son ya ga suna ɗaya a rasit, wani daban a banki. Ƙasan sunan sai jumla guda da ke faɗin alkawari, kamar "Abincin rana da zafinsa, kafin ƙarfe ɗaya." Kalmomi irin su inganci da nagarta kowa na faɗarsu, lokaci kuwa ana iya duba agogo a tabbatar.

Launi shi ne inda aka fi shan wahala. Hajiya ta ce tana son "ja kamar zoɓo", mai zane ya zaɓi nasa jan, tela ya sayo nasa yadin a Kwari, mai bana ya fitar da wani abu kusa da ruwan hoda. Launi uku sun isa: babba, na shimfiɗa, da na rubutu. Kowanne a rubuta lambarsa, irin wadda ake shigarwa a Canva ko CorelDRAW:

```
Ja (zoɓo)     #8E1B2C
Ruwan madara  #FFF4DC
Rubutu        #2B1A12
```

Sai dai lambar kaɗai ba ta gama aiki ba. Fuskar waya da haske take haɗa launi, tsarin da ake kira RGB, injin bugu kuma da tawada huɗu, wato CMYK, shi ya sa abin da ke walƙiya a waya yakan fito a dushe a takarda. Dabarar ita ce a sa mai bugu ya fitar da gwaji kafin a biya kuɗin sitika dubu. A fita da gwajin waje a duba shi a hasken rana. Idan ya yi, a tambaye shi lambobin CMYK da ya sa, a rubuta su kusa da na farko, sannan a manna sitikar kanta da ƙyallen yadin rigar a jikin takardar. Tela ba ya aiki da lamba, ƙyalle yake riƙewa ya shiga kasuwa. Akwai kuma gwaji mai arha: a yi fotokofin sitikar baƙi da fari. In sunan ya ɓace a cikin shimfiɗar, launukan sun yi kusa da juna, kuma haka zai ɓace wa mai gadi da ke duba ledoji a bakin get. Ruwan ɗorawa a kan fari ya fi kowanne faɗuwa a wannan gwaji.

Salon haruffa ɗaya ya wadatar, amma a gwada shi da "ƙosai, ɗanwake, zoɓo". Da yawa daga haruffan ado ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka ga ɗan akwati ya fito a gurbinsu, ko harafin ya bambanta da 'yan'uwansa. Noto Sans da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne.

Rabin takardar na ƙasa na magana ne. Murya ita ce halin sana'ar da ba ya canzawa. Hajiya za ta iya rubuta dokoki uku: a fara da sallama, a ce "mu" ba "ni" ba, a faɗi adadi da lokaci a kowane saƙo. Ta ƙara abin da ba a yi, wato ba a gutsure kalmomi, ba a tura saƙon murya ga ofis, ba a cewa "yanzu-yanzu" in ba a san lokacin ba. Lafazi kuwa yana bin wanda ake magana da shi, kuma misali ya fi bayani amfani, domin ƙanwar kwafa za ta yi. Ga jami'in kamfani: "Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Mun karɓi odar mutum 40 ta gobe Talata, za ta iso get ƙarfe 12:30." Ga uwar biki: "Assalamu alaikum, Hajiya, Allah ya sanya alheri. Waina da miyar taushe na mutum 150, za mu kawo bayan Azahar, ƙarfe 2:30." Halin ɗaya ne, sai dai na biyun ya fi ɗumi. Kamfanonin Challawa, Sharada da Bompai akwai manajoji 'yan Kudu, Labanawa, Indiyawa da 'yan Sin, saboda haka a ajiye saƙon farko da Turanci ma, a kuma yanke cewa rasit zai ɗauki harsunan biyu.

Saƙon da na fi ganin amfaninsa shi ne na ranar da abu ya ɓaci, domin a lokacin ne bakin kowa ke kuɓucewa. Hutun ma'aikaci ƙayyadadde ne, in ƙararrawa ta kaɗa ya koma bakin inji, ya ci ko bai ci ba. A rubuta tun yanzu: "Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri, laifinmu ne. Abincin zai iso ƙarfe 1:15, kuma zoɓon yau kyauta ne." Ba a sa labarin cunkoso ko ƙarewar gas, mai jin yunwa bai tambaya ba. Hajiya ta rubuta iyakar abin da ƙanwar za ta iya bayarwa ba tare da ta kira ta ba.

Farashi ba ya shiga takardar, tunda kuɗin shinkafa da mai ba sa zama wuri ɗaya. Haka lambar NAFDAC, ba a sa ta a sitikar zoɓo sai an yi rajista an samu. A rubuta kwanan wata a ƙasa, a sa wa takardar leda saboda maiƙo da tururi, a kafa ɗaya a kicin, a tura hotonta ga mai bugu da tela. Bayan wata uku a tara sitika, riga, rasit da saƙonni goma na ƙarshe a kan tabarma. Wanda ya saɓa wa takardar a gyara shi. Idan kuma kowa ya kauce wa doka guda, a sauya dokar, a buga sabuwar takarda da sabon kwanan wata, a karɓe tsohuwar daga hannun mai bugu.