Abin da Ke Sa Barewa Ta Tsere wa Rabbi

A shekarar 2013 Farfesa Alan Wilson da abokan aikinsa na wata kwalejin likitancin dabbobi da ke Landan suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a arewacin Botswana. Sun rataya wa rabbi biyar na'urori a wuya, masu auna gudu da juyi da inda dabba take, suka bar su suna harkarsu a dawa. Na'urorin sun ɗauki gudu 367. Kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ya ƙare da kamu. Rabbi, wanda wasu ke kira cita, babu dabbar da ta kai shi gudu a doron ƙasa, amma a wannan daji sau uku yake tashi a tutar babu kafin ya dace sau ɗaya.

Akwai wani abin da ya fi wannan ɗaure kai. Gudu mafi tsanani da aka auna ya kai kilomita 93 a awa, amma da wuya rabbi ya kai nan. A yawancin farautar bai wuce wajen kilomita 54 a awa ba, kuma duk tseren bai cika kai mita ɗari biyu ba. Ke nan ba ƙarancin gudu ne ke sa ya rasa nama ba, tunda yana da sauran da bai ma taɓa ba.

Don a gane dalili, sai a dubi hanyoyi biyun da manyan maciya nama ke bi. Damisa 'yar kwanto ce. Takan lallaɓa cikin dare, cikinta na shafar ƙasa, ta tsaya idan naman ya ɗaga kai, ta matsa idan ya sunkuya, har sai tsakaninsu bai wuce 'yan mitoci ba. Daga nan tsalle ɗaya ko biyu ne. In ta dace ta dace, in kuma gada ta ankara ta zabura, damisa ba ta wahalar da kanta da bi. Jarinta haƙuri ne da duhu da ciyawa mai tsawo, kuma kuskure ba ya cin mata ƙarfi da yawa. Kyarkeci kuwa, karen dajin nan mai dabbare-dabbare da manyan kunnuwa, bai damu a gan shi ba. Garke guda suke fita da sassafe ko da yamma, su tunkari nama a fili, su kora.

Rabbi ya faɗa tsakani, ya kuma ɗauko wahalar kowane ɓangare. Yana farawa kamar damisa, da sanɗa, domin ba ya iya dogon gudu. Yana ƙarewa kamar kyarkeci, da kora, amma galibi shi kaɗai, babu wanda zai tare masa gaba.

A ɗauki farauta ɗaya. Macen rabbi ta hau kan suri da hantsi, ta hango garken barewa suna kiwo. Ba mafi ƙiba take nema ba. Binciken da Clare FitzGibbon ta yi a Serengeti ta Tanzaniya ya nuna rabbi ya fi zaɓar barewar da ke gefen garke, da wadda ta fi sakaci wajen ɗaga kai ta duba. Sai ta sauko, ta sunkuyar da kai daidai kafaɗa, tana tafe tana daskarewa. Burinta ta rage tazarar zuwa 'yan gomomin mitoci kafin a gan ta. Farauta da yawa a nan take mutuwa: tsuntsu ya yi kuka, iska ta juya, ko barewa ɗaya ta kafa mata ido ta yi huci. Da zarar an gan ta daga nesa, sau da yawa miƙewa take ta wuce abinta, kamar ba ita ba.

Idan sanɗar ta yi kyau, sai ta fizga. Ƙashin bayanta na lanƙwashewa yana miƙewa, farcenta da ba ya shigewa ciki sosai kamar na kyanwa yana cafkar ƙasa, cikin daƙiƙu kaɗan ta ci rabin tazarar. Barewa ta san cewa a miƙaƙƙen layi ta mutu. Don haka sai ta bari rabbi ya matso, sannan ta yi kwana kwatsam.

Nan ne gudun ke zama kaya. Duk wanda ya taɓa shiga kwana da babur a guje ya san abin: idan ka ninka gudunka sau biyu, filin da kake buƙata ka juya ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau huɗu ne. Rabbin da ya taho da iyakar ƙarfinsa zai zarce barewar da ta kauce, kafin ya dawo ta yi nisa. Shi ya sa na'urorin Wilson suka nuna cewa gwanintar rabbi a birki take. A taku ɗaya yana iya zubar da gudun da ya kai kilomita 14 a awa, ya kifa jiki, ya wurga doguwar wutsiyarsa gefe don kada ya kife. Farautar da ta yi nasara ita ce wadda ya rage gudu a kan kari, ya bi kwanar tare da naman.

Wilson da mutanensa sun sake komawa kan batun a 2018, wannan karon suka sa wa mafarauta da abin farauta na'ura: rabbi da barewar impala, zaki da jakin dawa. Suka tarar mafarautan sun fi abin da suke bi gudu da fizga da birki, duka ukun. Abu ɗaya ya rage a hannun wanda ake kora: shi ke zaɓar lokacin kwana da gefen da zai yi. Mafarauci sai ya gani sannan ya bi, kullum yana baya da taku ɗaya. Lissafinsu ya nuna barewa ta fi samun tsira idan ba ta saki iyakar gudunta ba, ta ajiye ƙarfin juyi zuwa daƙiƙar ƙarshe. Kwana biyu ko uku masu kyau sun isa, domin rabbi ba ya iya riƙe wannan gudu fiye da kusan rabin minti.

An daɗe ana cewa zafin jiki ke tsayar da shi. Maganar ta samo asali daga wani gwaji na 1973, inda aka sa rabbi biyu gudu a kan injin motsa jiki, suka ƙi ci gaba da jikinsu ya kai digiri 40.5. Shekara arba'in bayan haka Robyn Hetem da abokan aikinta suka fitar da sakamakon auna zafin jikin rabbin da ke farauta da kansu a Namibiya, suka ga suna barin kora tun jikin bai kusa wannan zafi ba. Zafin ma bayan kamu yake hawa, kuma ya fi hawa idan an yi nasara. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne tsokarsa irin ta gajeren zango ce mai saurin gajiya, kuma yana lissafi: da tazara ta buɗe, sai ya haƙura ya adana ƙarfi. Yana da hujjar taka-tsantsan. Rabbin da ya gurɗe ƙafa, babu mai kawo masa abinci.

Sai dai kada a ɗauki ɗaya cikin huɗu a matsayin doka. Wurin da Wilson ya yi aiki akwai bishiyoyi da sarƙaƙiya. A filayen Serengeti, George Schaller ya ga rabbi na kama kusan rabin manyan barewar da ya kora, 'yan jarirai kuwa kusan babu mai tsira. Inda aka yi farautar, da abin da aka kora, da ko an ƙirga sanɗar da ta lalace tun kafin gudu, duk suna sauya adadin.

Wannan gargaɗin ya fi shafar kyarkeci, wanda ake yawan yi wa kirari da cewa cikin kora goma yana kama takwas. An ga irin haka a buɗaɗɗun filayen gabashin Afirka, inda garke ke bin nama kilomita da dama har ya galabaita, na baya suna yanke kwanar da na gaba ya zarce. Dabarar da ke ceton barewa daga rabbi ita ke jefa ta bakin kyarkeci na biyu. Amma a Selous, can kudancin Tanzaniya, Scott Creel da Nancy Creel sun samu kashi 44 cikin ɗari, kodayake babban garke ya fi ƙarami dacewa. A 2016 kuma aka fitar da sakamakon binciken da aka sa wa garke guda mai kyarkeci shida na'ura a Botswana, sai ga wani hoto dabam. Babu doguwar kora, babu wani tsararren shiri. Suna shiga cikin impala, kowa ya bi tasa na ɗan gajeren zango, kuma kora ɗaya ba ta wuce kashi 15.5 cikin ɗari na nasara ba. Rabbi ya fi kowannensu.

To me ya sa garken ke ƙoshi? Lissafi ne mai sauƙi. A ce su shidan kowa ya kori tasa, kowa da damar kashi 15.5. Yiwuwar a ce dukkansu sun kuskure kashi 36 ne kacal, wato kusan sau biyu cikin uku wani zai kama. Wanda ya kama kuwa ba ya ci shi kaɗai. Sauran za su taru, su cinye cikin 'yan mintuna, su koma rami su amayo wa 'ya'ya da wadda ta zauna gadinsu. A ganina wannan shi ne babban amfanin garke, ya fi duk labaran dabarun yaƙi da ake ba da su: kuskuren ɗaya ba ya kwanar da shi da yunwa. Ba wai babu tsari ko kaɗan a farautar taro ba. A Etosha ta Namibiya, Philip Stander ya ga matan zaki na raba aiki, wasu su zagaya ta gefe su koro nama, wasu su kwanta a tsakiya suna jira, kuma kowace takan koma gurbin da ta saba. Kwanto ne da kora a haɗe. Farashinsa shi ne rabo: ɓauna guda ta ishi kowa, amma barewa ɗaya a gaban zaki biyar faɗa kawai take haddasawa.

Shi kuwa rabbi, ko ya kama, da saura. Da wani lanƙwasasshen farce da ke gefen ƙafarsa ta gaba yake taɗe naman, sannan ya shaƙe maƙogwaro na wasu mintuna, domin fiƙoƙinsa ƙanana ne. Manyan kafofin hancin da yake zuƙar iska da su sun cinye wurin da saiwar haƙori za ta zauna. Bayan haka sai ya ja gawar zuwa inuwa ya yi ta haki, wani lokaci har rabin awa, kafin ya iya sa baki. Damisa takan haye bishiya da nata, garken kyarkeci kan iya taruwa su kori kura ɗaya. Rabbi ba shi da ko ɗaya cikin biyun. Ungulu na fara sauka, kura ko zaki za su biyo, kuma a Serengeti kusan kamu ɗaya cikin goma haka ake ƙwace masa. Ba ya tsayawa gardama. Wannan na cikin dalilan da suka sa ya fi yin farauta da rana, lokacin da zaki ke barci a inuwa, kuma in ya fara ci yakan soma daga cinya, yana haɗiya yana ɗaga kai yana dube-dube.